Bayan sauya gilashin gaba, sai a sake saita kyamara

A motocin zamani irin su Toyota masu tsarin Safety Sense, akwai kyamara manne a jikin gilashin gaba, bayan madubin tsakiya. Ita ce ke karanta layin titi, ta kuma taimaka wa motar taka birki da kanta idan ta hango haɗari. Da zarar an sauya gilashin, mazauninta kan ɗan gusa, ko da ido bai gani ba.

Ɗan gushin nan ba wasa ba ne. Idan kyamarar ta karkata da digiri 1 kacal, abin da ke nisan mita 100 za ta gan shi a goce da kusan mita 1.7, wato kusan rabin faɗin hannu ɗaya na titi. Sai ta ɗauki motar da ke gabanka kamar tana gefe, birkin ya makara. Abin da ya fi damuna shi ne sau da yawa babu fitilar gargaɗi da za ta kunnu.

Wajen saitin, ana ajiye motar a shimfiɗaɗɗen daɓe, iskar tayoyi daidai, a kafa allo mai zane a tazarar da kamfanin ya ƙayyade, sannan a jona kwamfutar bincike. Wasu motocin sai an tuƙa su a titi mai bayyanannun layuka. Haka radar da ke bayan bamba take buƙatar nata saitin idan an taɓa wurin.

Kafin ka biya mai gyara, nemi ya nuna maka rahoton kwamfutar da ya tabbatar an kammala saitin.