Kuskuren da burauza ke haɗiyewa

Burauza irin su Chrome da Firefox haƙuri gare su da marubucin HTML. Ko ya buɗe alama ya manta bai rufe ba, ba za su ce uffan ba; sai su yi hasashen abin da yake nufi, su nuna shafin a haka. Wannan haƙurin ne ke ɓoye ɓarna, har sai ranar da wani sashe na shafin ya karkace ko maɓalli ya ƙi aiki.

Shi ya sa ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ta tanadi ma'auni kyauta a validator.w3.org. Ana ba shi adireshin shafi, ko a ɗora fayil, ko a liƙa rubutun kai tsaye, sai ya jero kurakurai da lambar layin kowanne.

Ga wani misali da kan rikita sabon shiga:

```
<p>Farashin kaya
<div>Shinkafa</div>
</p>
```

A ido komai daidai yake, kowace alama da murfinta. Amma ma'aunin zai ce: `No p element in scope but a p end tag seen`. Dalili shi ne sakin layi, wato `p`, ba a yarda ya ɗauki `div` a cikinsa ba. Da burauza ta ci karo da `<div>`, sai ta rufe sakin layin da kanta. Idan ta iso `</p>` kuwa, babu abin da ya rage a rufe, sai ta ƙirƙiri wani sakin layin da babu komai a ciki. Daga nan adon da aka tsara wa `p` ba zai kai ga kalmar Shinkafa ba. A lura, layi na uku ma'aunin ya nuna, alhali matsalar a na biyu ta faro. Gyaran bai wuce a ɗago `</p>` zuwa ƙarshen layin farko ba.

Haka abin yake da `div` da aka bari a buɗe: sai can ƙarshen shafi ake jin kukansa, bayan ya haɗiye duk abin da ya biyo baya. Don haka masu aikin kan gyara kuskuren farko su sake aunawa, domin sau da yawa wasu da ke ƙasa sukan ɓace tare da shi.

Maimaita `id` ya fi cutarwa, don ba ya nunawa a fuskar shafi. A ce fom yana da gurabe biyu, na lambar mai saye da na mai karɓa, duka da `id="waya"`. Umarnin `getElementById` na farkon kawai zai ɗauko, sai lambar mai karɓa ta salwanta. Makaho mai amfani da manhajar karanta allo kuma yana iya isa gurbi na biyu bai ji sunansa ba. Ma'aunin zai rubuta `Duplicate ID waya`, ya kuma nuna inda sunan ya fara bayyana. Sai a bai wa kowane gurbi sunansa, a gyara `for` na kowane `label` ya dace da shi. Idan ado ɗaya ake so su yi tarayya a kai, `class` ake amfani da shi.