Takardar Rangwame da Makin Ciniki: Yaushe Suke Mayar wa Mai Kanti Kuɗinsa?

Takardar rangwame alkawari ce daga mai kanti cewa duk wanda ya kawo ta za a rage masa wani abu daga farashi. Makin ciniki kuwa ana tara wa mai saye ne duk lokacin da ya yi sayayya, daga baya ya karɓi kaya da shi. Dabarar ta daɗe: kamfanin Coca-Cola ya fara raba takardun shan lemo kyauta tun 1887, kantunan Tesco na Birtaniya kuma suka fito da katin tara maki a 1995. A kasuwannin ƙasar Hausa gyara ce ke yin wannan aiki, sai dai ita a take ake ba da ita, ba ta zama bashi.

Ana yawan auna ragi da farashin kaya, alhali daga riba yake fita. A ɗauki misalin kantin kayan masarufi inda mutum kan yi sayayyar naira 10,000, wanda 8,000 uwar kuɗi ce, 2,000 riba. Idan aka raba takardar ragin naira 1,000, mai saye yana ganin kashi 10 cikin ɗari ne kawai, amma mai kanti rabin ribarsa ce ta tafi.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne su wa suka kawo takardar. A ce mutum 100 suka kawo. Saba'in daga cikinsu abokan ciniki ne na yau da kullum, da takarda da babu za su saya. A kansu kantin ya yafe naira 70,000 ba tare da ƙarin ciniki ko na sisi ba. Sauran talatin takardar ce ta jawo su, kowa ya bar ribar 1,000, jimla 30,000. Idan buga takardun da raba su ya ci 5,000, kantin ya tashi da asarar 45,000, ko da yake ranar an ga cinkoso kuma aljihun tebur ya cika.

Daga nan ƙa'ida mai sauƙi take fitowa: a raba ragin da ribar. Ragin 1,000 a kan ribar 2,000 rabi ne, don haka sai fiye da rabin masu takardar sun kasance sababbin ciniki kafin a fita kuɗi. Da ragin 500 ne, kashi ɗaya cikin huɗu ya wadatar. In hakan bai samu ba, sauran fata shi ne komowar baƙin: cike giɓin 45,000 na buƙatar sayayya 23 a cikakken farashi.

Lissafin maki ya fi sauƙi a kan mai kanti. A ce ana ba da makin naira ɗaya a kan kowace naira 100. Cinikin miliyan ɗaya zai haifar da makin 10,000. Amma da kaya ake biya, kayan 10,000 kuma 8,000 suka ci wa kantin. Sannan ba kowa ke zuwa karɓa ba. Wasu sun yar da kati, wasu makinsu bai kai ba. Idan kashi ɗaya cikin huɗu bai dawo ba, ainihin kuɗin 6,000 ne. Ƙarin cinikin 30,000 a kan miliyan ɗin ya isa ya biya shi. Duk da haka makin da ba a karɓa ba bashi ne, shi ya sa ƙa'idar akanta ta IFRS 15 ta wajabta wa kamfanoni su jinkirta ƙidaya wani ɓangare na kuɗin ciniki har sai an karɓi makin ko wa'adinsa ya ƙare. Idan alkawarin na kaya ne, kamar galan na man girki, tashin farashi yana ƙara wa bashin nauyi.

Irin sana'a ma tana da tasiri. Mai wankin mota da ya ce wanki na goma kyauta ne, ruwa da sabulu da ladan yaro kawai ya kashe, musamman in a lokacin da babu layi ne. Mai sayar da shinkafa ko siminti, da ribarsa siririya ce, irin wannan kyauta za ta iya cinye ribar sayayya tara da suka gabata.

Hanyar gane gaskiya ita ce gwaji. A raba abokan ciniki masu kama da juna gida biyu, a aika wa rabi takardar, a bar rabi, sannan a kwatanta ribar da kowane ɓangare ya kawo. Gwajin ya kamata ya zarce lokacin rangwamen da wata ɗaya ko biyu, domin mai sayen da ya kwashi katan uku na sabulu da araha ba zai sake nema ba sai sun ƙare, kuma raguwar cinikin watan gaba tana cikin kuɗin da takardar ta ci.