Yadda ake wasan ayo: gurabe 12, 'ya'ya 48 da dokar ci

Mutumin Darini, ko na kowane ƙauye a Batsari da Safana, da ya saba da dara zai iya ɗauka ayo ma ita ce. Sun bambanta. A dara jera 'ya'ya uku ake nema, a ayo kuwa, wanda wasa ne na ƙasar Yarabawa, raba 'ya'ya ake yi gurbi-gurbi har a samu ci.

Mutum biyu ke yin sa. Ana buƙatar gurabe 12, shida-shida a layi biyu, a kan katako ko a haƙa a ƙasa, da 'ya'ya 48 na tsakuwa ko ƙwallayen itace. Kowane gurbi ana zuba masa huɗu, layin da ke gabanka kuma shi ne gidanka.

Idan juyi ya zo kanka, sai ka kwashe duk abin da ke cikin gurbi ɗaya na gidanka, ka riƙa ajiye ɗai-ɗai a guraben da ke biye. Kana tafiya ne zuwa damanka, in layinka ya ƙare ka shiga gidan abokin karawarka. Ba a tsallake gurbi, sai wanda ka kwaso daga cikinsa, idan 'ya'yan sun kai 12 har zagaye ya dawo da kai kansa.

Ci yana rataye ne a kan ɗan ƙarshe. Idan ya sauka a gidan abokin karawa, ya mayar da abin da ke gurbin biyu ko uku, ka cinye su. Daga nan sai ka duba gurbin da ke bayansa: in shi ma biyu ne ko uku ka haɗa da shi, haka har ka tarar da wani adadi daban ko ka iso iyakar gidanka.

Ga misali. Gurbinka na biyar daga hagu yana da 'ya'ya huɗu, guraben abokin karawa uku na farko kuma suna da huɗu, ɗaya da biyu. Ka ajiye ɗaya a gurbinka na shida, sauran ukun a nasa, sai su koma biyar, biyu da uku. Za ka cinye ukun, ka cinye biyun, ka tsaya a mai biyar. Da 'ya'yanka biyar ne, ɗan ƙarshe ya zarce gurbi na huɗu, kuma in akwai huɗu a can ba ka ci komai ba. Shi ya sa gwani ke ƙirgawa kafin ya kai hannu, yake kuma lura da gurabensa masu ɗaya ko biyu, domin su ne abin hari.

Idan gidan abokin karawarka ya zama wayam, wajibi ne ka yi tafiyar da za ta kai masa 'ya'ya, muddin akwai ta. In babu, wasa ya ƙare, abin da ya rage a gidanka naka ne. Wanda ya tara 25 ya yi nasara, 24 da 24 kuwa kunnen doki ne.