Warfarin da Sababbin Magungunan Hana Daskarewar Jini: Bambancinsu Wajen Awo, Cimaka da Karya Ƙarfinsu

1.0 Gabatarwa

A bakin jama'a, har da wasu ma'aikatan asibiti, ana kiran waɗannan magunguna da sunan "maganin tsinka jini". Sunan ya bi baki, amma yana ɓatar da mai sauraro, domin babu ɗaya daga cikinsu da ke rage kaurin jini kamar yadda ruwa ke tsinka koko. Abin da suke yi shi ne jinkirta haɗuwar gudan jini, don kada ya toshe jijiya a ƙafa ko a huhu, ko kuma ya taso daga zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka wannan maƙala za ta yi amfani da "magungunan hana daskarewar jini". Manufarta ita ce ta nuna cewa bambancin da ke tsakanin warfarin da sababbin magunguna, wajen awo da cimaka da karya ƙarfinsu, duk daga tushe ɗaya ya tsiro, wato wurin da kowanne yake yin aikinsa a jiki.

2.0 Inda kowanne yake aiki

Asalin warfarin daga wata cutar shanu ne. A shekarun 1920, shanu a Arewacin Amurka sun riƙa mutuwa ta hanyar zubar jini bayan sun ci wani irin harawa da ya yi fumfuna. Karl Paul Link da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ke haddasa wannan, daga nan aka samar da warfarin. An fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, sannan aka amince a ba mutane a 1954.

Hanta ce ke ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare, kuma huɗu daga cikinsu, waɗanda aka yi wa lamba II da VII da IX da X, ba sa kammaluwa sai da bitamin K. Warfarin yana hana hanta sabunta bitamin K ɗin da ta yi aiki da shi. Wato dai masana'antar yake taɓawa, kayan da suka riga suka fita kasuwa kuwa ba ruwansa da su. Sinadari na VII yakan ragu da rabi cikin awa shida, amma na II sai ya yi kusan kwana uku. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya fara shan warfarin yau ba zai sami cikakkiyar kariya ba sai bayan kamar kwana biyar, kuma idan akwai gudan jini a jikinsa, akan haɗa masa da allurar hefarin a waɗannan kwanaki. Haka nan idan aka daina sha, tasirinsa yakan yi kwanaki kafin ya gushe.

Sababbin magungunan, waɗanda suka fara shiga asibitocin Turai a 2008, ba su da hulɗa da bitamin K. Kowannensu yana kama sinadari guda ne wanda ya riga ya shiga jini, ya hana shi aiki. Dabigatiran yana kama na II, shi kuwa ribaroksaban da afiksaban da edoksaban na X suke kamawa. Cikin awa ɗaya zuwa huɗu suke kai matuƙar ƙarfinsu, kuma a wajen awa goma sha biyu rabin maganin ya bar jini.

3.0 Awo

Adadin warfarin da zai ishi wani yana iya yi wa wani yawa ninki biyu ko fiye, gwargwadon gado da shekaru da lafiyar hanta da abin da mutum yake ci. Don haka ba a iya ba da shi sai da awon jini da ake kira INR, wanda ke nuna tsawon lokacin da jinin majiyyaci yake ɗauka kafin ya daskare idan aka gwada shi da na mai lafiya. Mai lafiya yana wajen 1. Ga yawancin masu shan warfarin ana son lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3. Idan ta sauka ƙasa da 2 kariya ta ragu, idan kuma ta haye 5 hatsarin zubar jini ya ƙaru ƙwarai. A farkon jiyya akan auna duk bayan 'yan kwanaki, idan ta daidaita sai a koma wata-wata ko fiye da haka kaɗan.

Sababbin magungunan adadinsu tsayayye ne, ba a binsu da INR. Hasali ma, INR ɗin mai shan afiksaban yana iya fitowa daidai da na mai lafiya alhali maganin yana cike da jininsa, kuma wanda ya dogara da wannan sakamako ya shiga da shi tiyata ya yi babban kuskure. Abin da ake aunawa a wurinsu shi ne ƙoda, aƙalla sau ɗaya a shekara, fiye da haka ga tsofaffi. Kashi 80 cikin ɗari na dabigatiran ta ƙoda yake fita, na afiksaban kuwa wajen rubu'i ne kawai.

4.0 Cimaka da sauran magunguna

Tunda warfarin da bitamin K kishiyoyi ne, abin da ke cikin kwanon miya yana shafar aikinsa. Ganyaye masu duhun kore, irin su alayyafo, suna da bitamin K mai yawa. Wanda ya daidaita INR ɗinsa da rani, sannan damina ta sauka ya shiga cin kwaɗon ganye kullum, yana iya ganin lambarsa ta faɗi. Shawarar da wasu ke bayarwa, cewa majiyyaci ya ƙaurace wa ganye gaba ɗaya, ba daidai ba ce. Abin da ake buƙata shi ne ya riƙa cin adadi kusan ɗaya daga mako zuwa mako, a daidaita maganin a kan haka. Sababbin magungunan ba su damu da ganye ba. Ƙa'idar da aka fi mantawa a wurinsu ita ce ribaroksaban mai miligiram 15 ko 20 dole a sha shi tare da abinci, in ba haka ba hanji ba zai tsotse shi duka ba.

Batun haɗuwa da wasu magunguna ya fi fitowa fili da misali. A ɗauka wani dattijo ne mai shekara 68, wanda ɗakunan saman zuciyarsa ba sa bugawa bisa ƙa'ida, yana shan warfarin miligiram 5 kullum, INR ɗinsa 2.4. Sai zawo ya kama shi, ya sayi metironidazol, wanda aka fi sani da filajil, ya sha na kwana biyar. Wannan magani yana danne hanyar da hanta take bi ta rushe warfarin, sai ya taru a jini. Ga shi kuma ba ya cin abinci, bitamin K ya ragu. Alamun farko su ne jini a dasashi wajen asuwaki, haɓo, tabon kwanciyar jini a fata, ko jan fitsari. Idan aka auna aka sami 7 amma jini bai fara zuba ba, akan dakatar da warfarin na kwana ɗaya ko biyu, a sake awo, sannan a ci gaba da shi bayan lambar ta sauko. Da dabigatiran yake sha, filajil ba zai dame shi haka ba, sai dai zawon da kansa yana iya ƙarar da ruwan jikinsa ya raunana ƙoda, maganin ya taru ba tare da wata lamba ta yi gargaɗi ba.

A sake ɗauka cewa wannan dattijo ya kamu da tarin fuka, aka ɗora shi kan jiyyar wata shida mai ɗauke da rifamfisin. A nan akasin na farko ne yake faruwa, domin rifamfisin yana zaburar da hanta ta rushe magunguna da sauri. Cikin mako ɗaya zuwa biyu INR yakan faɗi, har a ninka adadin warfarin sau biyu ko fiye kafin a dawo da shi tsakanin 2 da 3. Lokacin da ya fi hatsari shi ne bayan kammala jiyyar tarin. Hanta takan koma yadda take a hankali cikin 'yan makonni, kuma idan ba a rage warfarin mataki-mataki tare da awo ba, adadin da ya dace jiya shi ne zai zubar da jini gobe. Rifamfisin yana rage sababbin magungunan su ma, ribaroksaban da afiksaban da wajen rabi, dabigatiran da fiye da haka, ga shi babu awon yau da kullum da zai nuna yadda za a gyara. Shi ya sa ake guje wa haɗa su, a koma ga warfarin ko allura. Awon nan da ake gani a matsayin wahalar warfarin, a irin wannan hali shi ne falalarsa. Magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da fenitoyin su ma suna rage sababbin ta wannan hanya. Asfirin da magungunan ciwon gaɓoɓi irin su ibufurofen da dikilofenak kuwa suna ƙara hatsarin zubar jini ga kowane ɓangare.

5.0 Karya ƙarfin magani idan jini ya ɓalle

Makarin warfarin shi ne bitamin K, wanda ke da araha. Amma tunda hanta ce za ta sake ƙera sinadaran, ko ta jijiya aka ba da miligiram 5 zuwa 10 sai bayan awa huɗu zuwa shida ake fara ganin sauyi, cikakken tasiri kuma sai wajen kwana guda. Mai zubar jini a ƙwaƙwalwa ba shi da wannan lokaci. Don haka ake haɗa masa da sinadaran nan huɗu waɗanda aka tace daga jinin mutane, abin da asibitoci ke kira PCC, wanda ke gyara INR cikin mintoci. Inda babu shi akan yi ƙarin ruwan jini, wato filasma, sai dai yana buƙatar leda da yawa, kuma yana iya yi wa mai raunin zuciya nauyi.

Bitamin K ba ya amfanar mai shan sababbin magunguna da komai. Tambayar farko a wurinsu ita ce yaushe ya sha na ƙarshe, ta biyu kuma yaya ƙodarsa take, domin idan ƙoda lafiya lau ce, kwana ɗaya zuwa biyu sun isa mafi yawan maganin ya fita. Dabigatiran yana da makari na musamman, idarusizumab, wanda aka amince da shi a 2015, ana ba da giram 5 ta jijiya ya ɗaure maganin cikin mintoci. Wankin ƙoda ma yana cire dabigatiran, amma ba ya cire sauran. Ga ribaroksaban da afiksaban an amince da andeksanet a Amurka a 2018, sai dai gwajin da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa, ko da yake ya fi tsayar da zubar jini a ƙwaƙwalwa, ya ƙara yawan toshewar jijiyoyi. Asibitoci da yawa PCC suke amfani da shi a wannan gurbi.

6.0 Inda warfarin bai da mamayi

A manyan gwaje-gwajen da aka yi kan masu rikicewar bugun zuciya, sababbin magunguna sun rage zubar jini a cikin ƙoƙon kai da wajen rabi idan aka kwatanta da warfarin. Duk da haka akwai rukuni biyu da ba su shiga wannan hukunci ba. Na farko shi ne waɗanda aka sa wa ƙyauren zuciya na ƙarfe, inda gwajin dabigatiran da aka wallafa a 2013 ya tsaya kafin lokacinsa saboda ƙaruwar gudan jini da zubar jini gaba ɗaya. Na biyu ya fi shafar Afirka, wato waɗanda zazzaɓin da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro a yarinta ya lalata musu ƙyauren zuciya, ya kuma rikita bugunta. Gwajin INVICTUS na 2022, mai ɗauke da majiyyata sama da 4,500 daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya sami ƙarancin mace-mace ga masu shan warfarin da danginsa idan aka kwatanta da masu shan ribaroksaban. Irin wannan majiyyaci sau da yawa matashiya ce mai shekarun haihuwa, kuma warfarin yana iya nakasa ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12 na ciki, sababbin kuma ba a ba mai ciki. Don haka da zarar ta yi niyyar ɗaukar ciki, ko ta ga ɓatan wata, sai a sake duba tsarin jiyyarta gaba ɗaya, galibi a mayar da ita kan allurar hefarin, wadda ba ta ratsa mabiyiya.