Maƙerin Igwa da Ganuwar Kustantiniyya

A shekarar 1452 wani maƙeri mai suna Orban, wanda ake danganta shi da ƙasar Hangare, ya isa Kustantiniyya yana tallar sana'arsa ta zubin igwa. Sarkin Rumawa, Kustantin na Goma Sha Ɗaya, ya so ya riƙe shi, amma baitulmali ya bushe. Albashin da aka yanka masa bai taka kara ya karya ba, balle a saya masa tagullar da aikin yake ci. Sai Orban ya tattara ya nufi Edirne, wurin Sarkin Daular Usmaniyya, Muhammadu na Biyu, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Alfatih. Can aka ba shi kuɗi da ƙarfe da ma'aikata iya son ransa.

Ganuwar Kustantiniyya da aka sa shi ya rusa ta haura shekara dubu a tsaye. Gini ne rufi biyu da gwalalo a gabansa, na ciki ya kai wajen mita 12 a tsayi. Rundunoni da yawa sun zo sun zauna a gindinsa har yunwa da cuta suka kore su. Amfanin ganuwa ke nan a zamanin da: tana ba mutum dubu damar tsare mutum dubu goma, shi ya sa ƙaramin sarki yake iya kallon babba ido da ido.

Wani marubuci na zamanin, Kritobulos, ya bar mana bayanin yadda ake zubin, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙerar masu zubin tukwane zai gane aikin, girman ne kawai ya wuce hankali. Da yumɓu ake farawa. A samo mai laushi, a kwaɓa shi kwana da kwanaki, a cakuɗa da zaren rama da tsummoki don kada ya tsage in ya bushe. Da shi ake gina wani dogon curi mai siffar ramin igwar, siriri ta inda albarushi zai zauna, mai faɗi ta inda dutse zai shiga. Sannan a gina wani mazubi mai rami wanda zai rufe na farkon kamar kube, a bar fili tsakaninsu. Wannan filin shi narkakkiyar tagulla za ta cika, faɗinsa kuma shi ne kaurin jikin igwar. In curin ciki ya ɗan karkace, gefe ɗaya zai fi ɗaya kauri, kuma ta siririn gefen igwar za ta fashe ranar yaƙi.

Daga nan a ɗaure mazubin da ƙarafa da katako, a binne shi da ƙasa da duwatsu, domin nauyin ƙarfen da za a zuba zai iya tarwatsa shi. Kusa da shi a gina murhu biyu na tubali, a loda jan ƙarfe da kuza, a lulluɓe da gawayi. Abin da maƙeran igwa suka saba shi ne wajen kashi tara na jan ƙarfe da kashi ɗaya na kuza. In kuza ta yi yawa, ƙarfen zai yi ƙarfi amma ya zama mai saurin karyewa. Kwana uku, dare da rana, ana zuga ba tsayawa, har ƙarfen ya koma ruwa. Sai a buɗe masa hanya ya gangara cikin mazubi.

A nan gwaninta take. Dole mazubi ya bushe ƙayau, don ɗigon laima in ya haɗu da narkakken ƙarfe yana iya tashi da ma'aikata. Dole kuma zubin ya tafi a lokaci guda, saboda in wani sashe ya fara daskarewa kafin saura ya iso, za a sami gaɓa da ba ta kama ba. Mafi muni su ne ƙananan kumfan iska da suke maƙalewa a cikin jiki, ido ba ya ganinsu. Babu yadda maƙeri zai tabbatar da aikinsa sai ya ɗura albarushi ya kunna. Ina jinjina wa mutanen da suka yarda su tsaya kusa da harbin farko.

Igwar farko da Orban ya zuba an girke ta a sabon sansanin Rumeli Hisari, a bakin mashigin Bosforus, kuma a watan Nuwamba 1452 da ita aka nutsar da wani jirgin ruwan mutanen Benis da ya ƙi tsayawa. Babbar igwar da ya zuba daga baya kuwa ta kai wajen mita 8, tana jefa dutse mai nauyin kusan rabin tan. Shanu 60 suka ja ta daga Edirne, mutum 200 suna tallafe da ita, wasu suna gaba suna gyaran hanya da gadoji, aka yi wajen wata biyu a tafe.

An fara kewaye birnin ranar 6 ga Afrilu 1453. Babbar igwar ba ta wuce harbi bakwai a yini, domin bayan kowane harbi sai an shafe ta da mai mai ɗumi, an bar ta ta huce a hankali, in ba haka ba ta tsage. Duk da haka ta tsage, aka ɗaɗɗaure ta da ƙarfe. Aikin gaske igwogi da dama ne suka yi shi tare, da dabara: a bugi wuri biyu nesa kaɗan da juna, sannan a aika babban dutse tsakaninsu, gini ya zube.

Masu tsaron birnin, ƙarƙashin Jobani Justiniyani na Jenowa, sun gano abin da ya zama darasi ga Turai duka. Kowane dare sukan toshe ɓarakar da ƙasa da itace da gangunan da aka cika da ƙasa. Dutsen igwa yana farfasa ginin dutse, amma a tulin ƙasa nutsewa yake yi. Ko a Kano, a watan Fabrairu 1903, harsasan igwar Turawa ba su yi wa jikin badala wata ɓarna ba, ta ƙofa suka samu shiga. Sai dai mutanen Kustantiniyya ba su kai dubu goma ba, gyaran dare da yaƙin rana suka cinye su. Birnin ya faɗi ranar 29 ga Mayu, bayan kwana 53.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da Orban ya bar birnin. Igwa irin wannan tana buƙatar tan-tan na tagulla, da dajin gawayi, da albarushi, da masu sassaƙa duwatsu, da ɗaruruwan masu ja, kuma babu mai iya ɗaukar wannan nauyi sai daula mai faɗin haraji. Da ƙarfin igwa sarkin Faransa ya ƙwace garuruwan Nomandi daga hannun Ingila tsakanin 1449 da 1450, haka garuruwan masarautar Garnaɗa suka yi ta faɗuwa har ita kanta ta miƙa wuya a 1492.

Magina a Italiya sun mayar da martani da sabuwar ganuwa, gajera mai kauri, cike da ƙasa, da kusurwoyi masu tsini inda masu tsaro suke girke nasu igwogin. Ta yi aiki, amma tsadarta ta kusa kai ta igwar. Ƙaramar jamhuriyar Siyena ta zuba dukiyarta a irin wannan gini har ta rasa isasshen abin riƙe runduna. Da aka kewaye ta, yunwa ce ta sa ta buɗe ƙofa a 1555, daga baya aka miƙa ta ga mai mulkin Fulorens.