Tatsuniyar Kaka: A Gyara Harshenta Ko A Bar Mata Abinta?

Gardama ba ta ƙarewa tsakanin malaman Hausa da masu tattara tatsuniyoyi. Ɗalibi zai ɗauko muryar tsohuwa a Wurno ko Gwadabawa, ya rubuta abin da ya ji, malami kuma ya bi da jan biro yana cewa kuskure ne. Matsalar ita ce ana cakuɗa abu biyu: karin harshe da ƙa'idar rubutu.

Daidaitacciyar Hausa, wadda aka ɗora galibi kan Kananci, an tsara ta ne don boko da jarida da aikin hukuma. Hukumar Hausa ta 1955 da taron Yamai na 1980 sun yi aikin daidaita rubutu. Ba su mayar da Sakkwatanci gurɓatacciyar Hausa ba.

Ɗauki wannan jimla: "Sai Ƙoƙi tat tahi hwada, tac ce wanga sarki na." Mai gyara zai mayar da ita "ta tafi fada, ta ce". Ma'ana ta tsira, amma an yi asara. A daidaitaccen rubutu, "ta" mai dogon wasali ta "ta tafi tun jiya" da gajeriyar "ta" ta "sai ta tafi" kamarsu ɗaya a takarda. Basakkwace kuwa ya bambanta su da ninka baƙi, wato "tat tahi". Wanda ya goge wannan ya goge nahawu.

Babbar ɓarnar tana ƙarshen jimlar. A Sakkwatanci "na" da "ta" suna zaman "ne" da "ce". Ƙoƙi cewa ta yi wannan sarki ne. Editan da bai san karin ba sai ya zaci an manta haɗe kalma, ya rubuta "sarkina". Shi ke nan ya sa mata maganar da ba ta yi ba. Garin gyaran gira an rasa ido.

Haka tsamin bakin Gizo. In mai tatsuniya ta ce "sayki" don ta kwaikwaye shi, aka mayar "sarki", dariyar yara ta tafi.

To me za a gyara? Kuskuren hannun marubuci: ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ da ya bari, rabon kalmomi, alamomin tsayawa. Abin da ya fito daga bakin mai labari a bar shi, a fassara baƙuwar kalma a ƙasan shafi. In an yi shakka, a sake sauraron muryar. Wanda ya ce "munka" da "sunka" daga farko har ƙarshe karinsa ne, ba tuntuɓen harshe ba.

Littafin 'yan firamare ana iya daidaita shi, muddin an faɗi haka a gabatarwa tare da garin da aka samo labarin. Abin ƙi shi ne rabi da rabi, "tat tafi" nan, "ta tahi" can, Hausar da ba a yin ta a kowane gari. Masu ɗab'i da yawa suna barin wannan hukunci ga mai buga rubutu a kwamfuta, alhali aikin edita ne tun kafin shafin farko.