Bayan An Watse Taro: Wasiƙar Godiya ga Baƙo Mai Jawabi

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin shirya taron ƙara wa juna sani a jami'a ya san yadda yammacin ranar take kasancewa. An yi addu'ar rufewa, an ɗauki hoto a ƙofar zaure, an raka baƙo har bakin motarsa, masu haya sun zo kwashe kujeru da lasifika. Kowa ya gaji, kowa yana ganin aiki ya ƙare. Amma akwai sauran aiki guda wanda bai kai shafi ɗaya ba, kuma shi ne aka fi mantawa da shi: wasiƙar godiya daga kwamiti zuwa ga baƙo mai jawabi.

Wani zai ce ai an yi godiya a zaure. Gaskiya ne, kusan kowane taro yana da jawabin godiya kafin a tashi, inda ake jero sunaye tun daga shugaban taro har masu raba ruwa. Sai dai wannan magana ce ta baki, ana yin ta mutane suna tattara jakunkunansu, kuma baƙon ba zai iya saka ta a fayil ba. A jami'o'in Nijeriya, idan lokacin duba ƙarin girma ya zo, ana kallon koyarwar malami, da bincikensa da ya wallafa, da kuma hidimar da ya yi wa jami'a da al'umma. Laccar da ya je ya gabatar a wata makaranta tana cikin wannan hidima, kuma abin da zai nuna a kanta shi ne takarda. Takardar gayyata tana shaida cewa an kira shi. Wasiƙar godiya ce take shaida cewa ya zo, ya kuma yi. Wannan ya fi shafar malamin da bai kai farfesa ba, wanda yake tara shaidunsa ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka wasiƙar tana da fuska biyu. Ta ɗaya ita ce ta ofis: a buga ta a kan takarda mai tambarin sashe ko tsangaya, da lambar fayil, da kwanan wata, da sa hannun shugaban kwamiti, ko sakatare a madadinsa. A ambaci sunan taron, da ranar, da wurin, da taken laccar kamar yadda baƙon ya rubuta shi, ba kamar yadda aka taƙaita shi a kan fosta ba. Wannan ɓangare ba shi da wuya, kuma yawancin kwamitoci suna iya shi.

Fuska ta biyu ce ake faɗuwa a kanta. Na karanta wasiƙu da yawa da suke cewa "jawabinka mai cike da hikima ya ƙayatar da mahalarta ƙwarai da gaske". Babu ƙarya a ciki, amma ana iya aika wannan jimla ga likita, ko lauya, ko masanin nahawu, ba tare da an canza kalma ɗaya ba. Mutumin da ya ɓata mako biyu yana shirya takarda, ya baro ɗalibansa, ya hau hanya da asuba, yana gane irin wannan wasiƙa tun a layin farko. Ya san tsohuwar takarda aka buɗe a kwamfuta aka goge wani suna aka sa nasa. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: rufe sunan baƙon da yatsa, ka karanta. Idan har wasiƙar za ta dace da baƙon bara, to ba a rubuta ta ba tukuna.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi. A ce wani sashen koyar da aikin gona a Kano ya gayyaci wani masani daga Samaru ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, ya zo ya yi magana kan wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da wasu ke kira ƙuduji, wadda take kama saiwar dawa da gero da masara. An ba shi minti 40, tambayoyi suka ja shi har kusan awa biyu. A cikin laccar ya bayyana cewa gindi ɗaya na wuta-wuta yana zubar da iri dubbai masu ƙanƙanta kamar ƙura, cewa irin yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, kuma ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar amfanin gona take fitarwa. Ya ce shi ya sa ake tumɓuke ta kafin ta yi fure, kuma shi ya sa ake karɓa-karɓa da waken soya ko auduga, domin suna sa irin ya tsiro amma ba ya samun abin kamawa a jikinsu, sai ya mutu. Wata ɗaliba ta tambaye shi me ya sa ɓarnar take bayyana a kan dawa tun kafin a ga ciyawar, ya amsa cewa tana yin makonni tana tsotso a ƙarƙashin ƙasa kafin ta fito.

Wanda zai rubuta wasiƙa mai kyau dole ya kasance ya kama ko da abu ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa nake ganin aikin yana farawa tun kafin taro: a ɗora wa mutum ɗaya a kwamiti, galibi mai ɗaukar rahoto, ya rubuta magana biyu ko uku da baƙon ya faɗa, da tambayar da ta fi tayar da muhawara, ya kuma ƙirga sunayen da ke cikin takardar halarta. Da waɗannan a hannu, jikin wasiƙar zai iya zama kamar haka:

"Assalamu alaikum. A madadin kwamitin shirya taron ƙara wa juna sani na wannan sashe, ina miƙa godiyarmu ga Malam bisa amsa gayyatarmu da gabatar da lacca kan yaƙi da wuta-wuta a gonakin dawa, ranar Laraba da ta gabata. Mutum 86 ne suka sa hannu a takardar halarta, mafi yawansu ɗaliban shekarar ƙarshe. Bayanin da Malam ya yi cewa irin ciyawar yana jira a ƙasa fiye da shekara 10 ya sauya yadda da yawa daga cikinmu suke kallon matsalar, kuma amsar da aka ba ɗalibar da ta yi tambaya kan ɓarnar ƙarƙashin ƙasa har yanzu ana maganarta a aji. Ɗalibai biyu sun nemi izinin yin aikinsu na kammala karatu kan karɓa-karɓar dawa da waken soya. Muna neman afuwa kan jinkirin minti 50 da aka samu kafin a fara, da ɗaukewar wuta da ta katse hotunan da ake nunawa. Mun gode da haƙurin da Malam ya yi da mu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira."

Sakin layi ɗaya ke nan, amma babu wani mutum a duniya da za a iya aika wa shi sai wannan baƙon. Adadin mahalarta ya fito daga takarda, ba daga zato ba. Idan mutum 86 suka zo kada a rubuta "ɗaruruwa", domin baƙon yana wurin, ya ga kujerun da babu kowa. Maganar ɗalibai biyun nan ita ce tukwici na gaskiya, tunda Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici, kuma babu abin da ya fi faranta ran malami kamar ya ji maganarsa ta haifar da aiki. Amma idan babu ɗalibin da ya zo da irin wannan buƙata, kada a ƙirƙira. Neman afuwar ma jimla ɗaya ta isa. Yin shiru a kan jinkirin rashin kunya ne, tsawaita bayani a kansa kuma yana mayar da wasiƙar ta zama labarin kwamiti.

Sai batun muƙami, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Kiran farfesa da dakta yana ɓata rai, ɗaga dakta zuwa farfesa kuma yana jefa shi cikin kunya, musamman idan takardar za ta shiga fayil ɗinsa na ofis. Mutum yana iya samun ƙarin girma tsakanin ranar gayyata da ranar taro. A duba yadda shi da kansa ya rubuta sunansa a kan takardar da ya gabatar, ko a tambayi ofishin sashensa. Idan yana da sarauta kuma yana amfani da ita, a sa ta. Na taɓa ganin wasiƙar da aka aika wa wata malama an bar "shi" da "nasa" daga farko har ƙarshe, saboda an kwafo ta daga wadda aka rubuta wa wani namiji. Ba ta ce komai ba, amma ba ta sake amsa gayyatar wannan sashe ba.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙon kwamitoci su raba su da wasiƙar godiya. Na farko kuɗi. Ɗan abin goro da kuɗin mai ko na mota haƙƙi ne da ya kamata a sallame shi ranar taro. Idan ofishin kuɗi ya yi jinkiri, a sanar da baƙon ta waya ko ta wata takarda daban, a kuma faɗa masa ranar da ake sa rai. Takardar da wata rana kwamitin ƙarin girma zai karanta ba wurin lissafin bashi ba ce. Na biyu sabon roƙo. Wasu suna gode wa mutum a layi uku, sai su biyo da neman ya duba musu kundin ɗalibai, ko ya samo musu tallafi. Nan take godiyar ta zama share fage. Abin da kawai ya dace a haɗa shi ne wanda ya shafi laccar kanta, kamar neman izinin raba takardarsa ga ɗalibai ko sa faifan bidiyon a shafin sashe. Wannan izini wajibi ne a nema, domin sau da yawa masani yana nuna sakamakon binciken da bai riga ya wallafa ba.

Game da lokaci, a daren taron shugaban kwamiti ya kira ko ya tura gajeren saƙo ta WhatsApp ya ji ko baƙo ya isa gida lafiya. Wannan ban gajiya ne, ba ya maye gurbin wasiƙa. Ita wasiƙar ta fita cikin kwana uku, kada ta wuce mako. A tura kwafinta mai sa hannu a matsayin PDF ta imel, tare da hotuna biyu ko uku na taron, sannan ta takarda ta biyo baya. Idan shugaban sashen baƙon ne ya ba shi izinin tahowa, a aika masa kwafi shi ma. Harshen wasiƙa kuwa ya bi harshen gayyata: yawanci Ingilishi ne a Nijeriya, Faransanci a Nijar, amma taron da aka yi da Hausa babu dalilin da zai hana a gode da Hausa.

Abin da yake kashe wannan wasiƙa ba mugunta ba ce. Kwamitin wucin gadi ne, da an tashi taro ya watse, shugaba yana zaton sakatare ya rubuta, sakatare yana jiran shugaba ya ce a rubuta. Saboda haka idan kana cikin irin wannan kwamiti, a zamanku na ƙarshe kafin taro ka nemi a rubuta sunan wanda zai tsara wasiƙar, da wanda zai sa hannu, da ranar da za ta fita, kuma kada a miƙa rahoton rufe aiki sai an liƙa kwafinta a ciki.